Amsar kai tsaye: Na yi tafiya, sai Litinin 19 ga Janairu

Assalamu alaikum.

Saƙonku ya iso, na gode. Ba na Legas a yanzu. Na tafi gida Katsina aurar da 'yata tun ranar Alhamis 8 ga Janairu 2026, kuma in Allah ya yarda zan zauna a ofishinmu na Apapa ranar Litinin 19 ga wata, da ƙarfe 9 na safe. A ƙauyenmu sabis sai an hau tudu, don haka ba zan riƙa duba imel ba.

Don Allah, duk wanda kwantenarsa ta sauka a Apapa ko Tin Can, kada ya ce zai jira ni. Kwanakin alfarma da kamfanin jirgi ke bayarwa ba su da yawa, da sun ƙare kuɗin jinkiri kullum hawa yake yi, ga na ajiya a tasha a gefe guda. Mako guda na jira yana iya cinye ribar kaya. Mataimakina yana nan, na damƙa masa fayil ɗin kowa, na kuma zauna da shi mun bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in tafi. Duk abin da ya shafi Form M, PAAR, ko ranar da Kwastam za su duba kaya, shi za a nema. A kira lambar ofis da ke saman rasidinku, a danna 2. In kuma imel kuka fi so, ku sake turo shi nan, ku fara kan saƙon da kalmar GAGGAWA tare da lambar kwantena, zai wuce wurinsa kai tsaye.

Maganar mota, tikitin Eto, ko direban da ya kama hanyar Kano ba a ji ɗuriyarsa ba, a danna 3, mai kula da direbobi zai ɗauka, har ranar Asabar.

Biyan kuɗi da rasidi na wajen akawunmu ne, a danna 4, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 9 zuwa 4. Ranar Juma'a ana rufewa daga 1 zuwa 3 saboda masallaci.

Ga abin da ya fi damuna, alhazai. Asusunmu na banki bai canza ba. In wani ya turo saƙo da sunana yana cewa a tura kuɗi wani sabon asusu saboda na yi tafiya, ba ni ba ne. Kada a tura ko kwabo sai an kira akawu an ji daga bakinta.

Sabon ciniki da maganar farashi kuwa, a bar mini su, zan bi su bi da bi daga ranar 19.

Ina roƙon ku sa ma'auratan a addu'a.

Naku,
Manajan sashen fitar da kaya
Ofishin Apapa, Legas