Rumfar Inna Mai Masa, Wunti, Bauchi

Jama'ar Bauchi da baƙin da ke shigowa gari, Rumfar Inna Mai Masa tana gayyatarku karin kumallo da abincin dare a kusa da Kasuwar Wunti. Muna ɗora tanda da ƙarfe 6 na safe mu sauke da ƙarfe 11, sannan mu sake hura wuta bayan sallar La'asar har zuwa ƙarfe 9 na dare. Ranar Juma'a kuwa da safe kaɗai muke aiki.

Masarmu ta shinkafar tuwo ce zalla. Ana jiƙa ta, a markaɗa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, kuma ba a zuba shi a tanda sai mai saye ya iso, domin masar da ta huce a cikin kwano ta riga ta rasa rabin daɗinta. Za ku karɓe ta da zafinta, gefenta ya soyu ya yi ja, cikinta fari mai laushi.

Masa 5 da miyar taushe naira 1,000 ce, kuma miyar tana da kabewa da alayyafo da gyaɗa yadda ya kamata. Wanda ya fi son ta da yajin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa zai biya naira 800. Ƙarin nama naira 500 ne, farfesun ƙafar sa naira 1,500, amma shi farfesun da yamma kawai ake samunsa, kuma ba ya daɗewa. Akwai sinasir guda 3 a kan naira 900, da kunun gyaɗa da zoɓo mai sanyi, kowannensu naira 300.

Wanda ba zai samu zuwa ba sai ya aiko da saƙo ta WhatsApp zuwa lambar da ke kan allon rumfar, wadda kuma take jikin kowace leda tamu. Ya rubuta abin da yake so da adadinsa, ya faɗi unguwarsa tare da wata alama da za a gane gidan. Za mu sanar da shi jimillar kuɗi da kuɗin ɗan aike, ya tura ta banki ya aiko da shaidar biya, sannan a ɗora masa. Muna kaiwa Jahun, Fadaman Mada, Muda Lawal da Yelwa. Masu biki ko suna ko walima, don Allah a sanar da mu kwana 2 kafin ranar, saboda ƙulli ba ya tashi da gaggawa.

Idan kuna nemanmu a taswirar Google, ku rubuta "Rumfar Inna Mai Masa", ko "masar Bauchi Wunti", ko "masa da miyar taushe kusa da ni", ko "abinci kusa da Kasuwar Wunti". Mai zuwa da kulolinsa daga gida za a ƙara masa masa ɗaya gyara.