Hajiya, maganar ankonki

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, ya gida ya shirye-shiryen biki? Na kira layinki sau biyu bai shiga ba shi ya sa na ce bari in rubuto kawai kar ki ji a makare.

Hajiya atamfar nan turmi 40 da muka yi da ke za ta iso miki Azare jibi Asabar 8 ga wata, gaskiya ba za ta samu zuwa ranar ba. Sai Laraba 12 ga wata in Allah ya yarda.

Abin da ya faru, tirelar da ta ɗauko mana kaya daga Legas tun Litinin ce ta lalace bayan sun wuce Jebba, kafin Mokwa, giyabos ya tashi aiki, bakanike ya buɗe ya ce sai an sake wani, kuma dilar da taki take ciki tana can ƙasa an jibga kayan mutane a kai babu yadda za a yi a zaro ta a bakin titi. Ni ma sai jiya da daddare direban ya faɗa mini gaskiya, kwana biyu yana ce min "muna hanya Alhaji", ashe hanyar a zaune suke. Na tura yarona Sani yau da asuba, ya gani da idonsa, kaya lafiya lau tamfol a rufe ruwa bai taɓa ba, hoton na nan na turo miki a ƙasa.

An samo wata mota da za a juye kayan gobe Juma'a bayan masallaci. Sun ce Litinin suna Kano, amma ni dai Talata 11 nake lissafi, na bar kwana ɗaya saboda hanyar ba ta da tabbas. Suna saukewa a Kwari zan ware naki da kaina in kai tasha, Laraba da safe in turo miki lambar direba. Kuɗin mota zuwa Azare ni zan biya, ki bar shi.

Na san damuwarki teloli ne tunda kamu 28 ga wata. Akwai turmi 12 na zanen nan a shago, kala ɗaya kamfani ɗaya, in kin amince gobe in sa miki su a mota ki fara ba uwar amarya da 'yan nesa, ragowar 28 su biyo baya. In kuma jiran ba zai yiwu ba ki faɗa min kai tsaye in maido miki kafin alƙalaminki ta akawun yau ɗin nan, wallahi ba komai.

Laifina ne da na yanka miki rana kaya ba su zo hannuna ba, ki yi haƙuri don Allah. Ina jiran amsarki kafin goma na safe saboda motar Azare. A gaida Alhaji.