Takardar neman a mayar mini da naira 10,000 kan ƙunshin data da kallo

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi,
Kano.
Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,
Ofishin Shiyya, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan layina da ya ƙare da 4417, wanda cikakkiyar lambarsa ke jikin rasit ɗin da na haɗo da wannan takarda. An cire mini kuɗin ƙunshin data da kallo har sau biyu, jimilla naira 13,000, amma tsarin kallon bai buɗe ba ko na minti ɗaya. Ina neman a mayar mini da naira 10,000 daga ciki. Ga yadda abin ya faru, da kuma yadda na yi lissafin.

Ranar Litinin 6 ga Oktoba, da ƙarfe 8:14 na dare, na danna *312# na zaɓi ƙunshin wata ɗaya na naira 6,500. Abin da aka nuna a fuskar waya kafin in amince abu uku ne: giga 6 na data ta kowane irin amfani, giga 4 da ba ta aiki sai a cikin manhajar kallo, da biyan kuɗin kallo na kwana 30 a wannan manhaja. Kafin saye akwai naira 7,350 a layin. Da na duba da *310# bayan minti ɗaya, saura naira 850. Saƙonku na tes ya shigo da 8:15, ga abin da ya ce:

```
Your purchase was successful. Ref: 60610-2014-883. You will receive an activation link shortly.
```

Wato saye ya yiwu, kuma za a turo mini mahaɗin da zan taɓa in buɗe kallo. Yau kwana 35 ke nan, wannan saƙo na biyu bai zo ba. Na bincika akwatin saƙonni, har da inda waya ke jefa waɗanda take zargi, babu shi. Data dai ta shiga: *323# ta nuna giga 6 da giga 4 kowace a layinta. Amma duk lokacin da na shiga manhajar kallo da lambar wannan layi, sai ta turo mini lambar tantancewa, in sa, ta karɓa, sannan ta kai ni shafin biyan kuɗi da wannan rubutu a sama:

```
No active subscription
```

Na san amsar da aka saba bayarwa ita ce a kashe waya a kunna, don haka bari in faɗi abin da aka riga aka gwada, kada a sake mayar da ni baya. Na kashe wayar na kunna. Na cire sim na mayar. Na kashe waifai, na tabbatar wannan layi ne aka ɗora wa data ba ɗaya sim ɗin ba, domin wasu tsare-tsaren ba sa gane lambar mai saye sai ya shigo ta datar layin da ya biya. Babu VPN a kunne. Na goge manhajar na sake sauke sabuwa. Na rubuta lambar da sifili a farko, na kuma rubuta ta da +234. Na sa sim ɗin a wata waya daban, ita ma amsa ɗaya ta ba ni. Layin yana haɗe da lambar NIN tawa, kira da tes suna shiga suna fita lafiya.

Wannan ya isa ya nuna laifin ba na waya ba ne, ba kuma na sabis ba. Irin wannan ƙunshi aiki ne mai hawa uku. Na farko, na'urar lissafinku ta cire kuɗi daga layi. Na biyu, ta zuba data. Na uku, ta aika wa kamfanin kallo sanarwa cewa lamba kaza ta biya, a buɗe mata kwana 30, shi kuma ya amsa cewa ya buɗe, sai a turo wa mai saye mahaɗi. Hawa biyu na farko a gidanku suke, kuma sun yiwu. Na uku ne ya tsaya. Galibi abin da ke jawo haka bai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba: sanarwar ta fita amma lokacin jiran amsa ya ƙare ba a sake turawa ba, ko an tura lambar a sigar da na'urar can ba ta karɓa, ko can ɗin ta ƙi karɓa saboda ta ga tsohon asusu a kan lambar. Ko wanne ne, abin da ya kamata shi ne kuɗi ya dawo da kansa idan amsa ba ta zo ba. A nan bai dawo ba, aka rubuta cinikin a matsayin wanda ya kammala. Shi ya sa ma'aikacin da ya buɗe bayanan layina yake ganin komai daidai: shafin cire kuɗi yake kallo, ba shafin amsar kamfanin kallo ba. Ina roƙo a sa masu kula da na'ura su nemo lambar ciniki 60610-2014-883, su duba amsar da ta dawo daga can tsakanin 8:14 da 8:20 na daren 6 ga Oktoba. A nan za a ga inda igiyar ta tsinke.

Ban yi shiru ba tun daga farko. Ranar Talata 7 ga Oktoba na kira 300, aka ce in jira awa 24. Ranar Alhamis 9 ga wata na sake kira, aka buɗe ƙorafi mai lamba 7730152, aka ce awa 72. Ranar Talata 14 ga wata na zo ofishinku da kaina. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ta karɓi wayar, ta shiga manhajar da hannunta, ta ga wannan rubutu da idonta, ta kuma rubuta a takarda cewa ta tura maganar gaba. Ta yi mini mutunci, ba ni da kuka da ita. Sai ga saƙo ranar 16 ga Oktoba cewa an warware ƙorafi 7730152 an rufe shi. Ba wanda ya kira ni ya tambaya ko kallon ya buɗe. Da na sake kira, aka ce in nemi kamfanin kallo. Na neme su ta imel, suka amsa ranar 20 ga wata cewa babu wani biya da ya iso musu a kan wannan lamba, kuma tunda ta layin waya aka biya, mai layin ne zai mayar da kuɗi. Gaskiyarsu ce. Ni da ku na yi ciniki, ku kuka tallata ƙunshin, ku kuka karɓi kuɗin, rasit ma da sunanku ya zo. Abin da ke tsakaninku da abokin kasuwancinku, ku za ku daidaita shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na ranar Laraba 5 ga Nuwamba. Da ƙarfe 8:14 na dare ƙunshin ya sabunta kansa, aka sake cire naira 6,500 daga naira 8,200 da na sa don kira, aka bar mini 1,700. Lambar wannan ciniki 60511-2014-209. Saƙon tunatarwa bai zo kafin a cire ba. Tun ranar 16 ga Oktoba na nemi soke sabuntawar ta *305#, amma ƙunshin bai fito a jerin abubuwan da ke kan layin ba, balle in soke. Ga alama a wajen sokewa na'urar ba ta san da shi ba, a wajen cire kuɗi kuwa ta sani. Idan ba a gyara ba, ranar 5 ga Disamba za a sake cira karo na uku.

Ga lissafina, kuma ba na neman ko kwabo da ba nawa ba. A watan farko na yi amfani da giga 6 ɗin, kuma farashinta ita kaɗai a jerinku na ranar da na saya naira 3,000 ne. Wannan na ci, na yarda in biya. Giga 4 ta kallo ta ƙare wa'adinta cif, ba a taɓa ko megabait ɗaya ba, domin ƙofar da take shiga a kulle take. Don haka daga 6,500 na farko ina bin naira 3,500. A karo na biyu, tun daren da aka cire kuɗin na mayar da data kan ɗaya sim ɗina, giga 10 ɗin suna nan yadda aka zuba su, za ku iya tabbatarwa a bayananku. Ku janye su, ku mayar mini da 6,500 gaba ɗaya. Jimilla naira 10,000.

A zuba kuɗin cikin ainihin kuɗin layi, wanda *310# ke nunawa. Ba zan karɓi data ta kyauta ko bonas mai wa'adin kwana bakwai a madadinsa ba, kuma ba na son a buɗe mini kallon yanzu a ce an biya ni. Watan da na saya domin shi ya riga ya wuce. Bayan haka, a cire ƙunshin daga layina tare da sabuntawar, a turo mini saƙon da ke tabbatar da haka. A kuma sake buɗe ƙorafi 7730152, a haɗa shi da cinikin 5 ga Nuwamba, kada a rufe sai an kira ni na tabbatar kuɗi ya shiga.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta shekarar 2018, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki haƙƙin a yi masa aikin a kan lokaci, in ba a yi ba ya nemi a gyara ko a mayar masa da kason kuɗin da ya dace. Na ba da damar gyara fiye da wata guda. Ina jiran amsa a rubuce da kuɗin nan da kwana 14, wato zuwa Litinin 24 ga Nuwamba, 2025. Idan ranar ta wuce, zan kai maganar gaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta layinta na kyauta 622 da lambar ƙorafin da kuka ba ni, sannan in shigar da ita a hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Na fi son a gama a nan, tsakanina da ku.

Na haɗo hotunan saƙonnin cire kuɗi guda biyu, hoton ragowar kuɗi kafin da bayan kowane ciniki, hoton ragowar data na safiyar yau, hoton shafin manhajar kallo, saƙon rufe ƙorafi na 16 ga Oktoba, da amsar kamfanin kallo ta 20 ga Oktoba. Ina roƙon wanda ya karɓi takardar ya buga hatimi da kwanan wata a kwafin da ke hannuna. Ana samuna a kan wannan layi daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma.

Na gode. Allah ya taimaka.

Naku,
Sani Abdullahi
Mai layin da ya ƙare da 4417