Tsarin ɗaukar tallan kilishi, daƙiƙa 30

Ba mu da hoto ko ɗaya tukuna, komai ranar Asabar za a ɗauka a Agadasawa, Kano. Waya a tsaye, 9:16, don WhatsApp.

Fitowa ta 1 (daƙiƙa 0–6): Kyamara dab da hannun mahauci yana shata nama fale-fale, har haske na ratsa shi. Ba kiɗa, ƙarar wuƙa kawai.

Ta 2 (6–10): Daga sama, nama shanye a rana. Ƙarfe 8 za a ɗauka, kafin rana ta ƙwalle. A sa yaro ya riƙa korar ƙuda. Ƙuda ɗaya ya isa ya kashe tallan.

Ta 3 (10–20): A tsoma a labu, a ɗago a hankali yana ɗiga. Sai kan garwashi, mai na tsatsafowa. Nan ne yawun mai kallo zai tsinke, don haka a ɗauka sau uku, kada a yi rowar lokaci.

Murya: "Naman sa zalla, yajin gida."

Ta 4 (20–26): Yarinya ta ɓalla, ta kai baki.
Yarinya: "Baba, a ƙaro!"

Ta 5 (26–30): Leda a kan faifai. Rubutu: "Ana aikawa ko'ina."