Wasiƙa zuwa ga Majalisar Gari kan filayen gangaren bakin Bahar

12 ga Mayu, 2026

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gari, da umda, da sauran iyayenmu 'yan majalisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu labarin cewa majalisa na shirin yanka filayen zama guda arba'in a gangaren bakin kogin Bahar al-Azraƙ da ke gabas da tsohuwar makabarta, daga inda ake ƙona bulo har zuwa mashayar dabbobi, domin a raba wa 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro tun 2023. Niyyar mai kyau ce, Allah ya saka. Amma ni ɗan garin nan ne, kuma abin da nake koyarwa a jami'a ke nan, ilimin ƙasa da duwatsu, don haka ba zai halatta in yi shiru ba. Ranku ya daɗe, wurin nan ba zai riƙe gida ba. Ina roƙo a dakatar da rabon kafin ruwan farko ya sauka.

Wanda ya je wurin yanzu da rani zai ce na cika tsoro, domin ƙasar ta bushe ta yi tauri, ko diga da ƙyar take shiga. Taurin nan na aro ne. Baƙar ƙasar laka ce irin wadda ta shimfiɗu daga nan har Jazira da Gadarif, kuma duk manomi ya san halinta: in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta dare. A fili shimfiɗaɗɗe ɓarnarta ba ta wuce tsaga bango da hana ƙofa rufuwa. A bakin gaɓa kuwa, darewar nan ita ce hanyar da ruwan sama zai bi ya kai can ƙasa. Na auna tsayin gaɓar daga bakin ruwa, ya kai mita 9. Lakar ta ɗauki kamar mita 6 na sama, ƙarƙashinta kuma yashi ne mai laushi da ake iya ƙwaƙulewa da yatsa. Wato nauyin duka yana zaune ne a kan abin da ruwa ya fi saurin kwashewa.

Sannan ku dubi yadda Bahar al-Azraƙ ya yi gwiwa a daidai wurin. Gangaren yana bayan gwiwar, inda igiyar ruwa ke dukan gaɓa kai tsaye tana cin gindinta, yayin da take zube yashi a wancan ƙetaren. Shi ne haddam ɗin da iyayenmu suka sani tun kafin a haife ni, wanda ya ci lambunan mangwaro da lemo na mutane da dama a tsawon kogin nan.

Abin da na fi so majalisa ta riƙe shi ne lokacin da gaɓa ke faɗuwa. Mutane na zaton haɗarin yana tsakiyar cikar ruwa, ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Sau da yawa sai ruwan ya fara ja baya take zubewa. Dalili kuwa, lokacin da kogi ya cika, ruwa na shiga cikin gaɓar ya jiƙa ta har ciki, amma kuma nauyinsa yana tokare da ita daga waje. Da ya sauka, tokarin ya tafi, ruwan da ke cikin lakar kuwa bai samu fita da wuri ba, don laka ba ta saurin sakin ruwa. Sai a bar gaɓa mai nauyi, jiƙaƙƙiya, ba abin da ya riƙe ta, ruwan cikinta kuma yana tsiyaya ta wurin yashin yana jan shi waje. A irin wannan hali ba gutsure take yi kaɗan-kaɗan ba, yanki guda ne yake sulluɓewa gaba ɗaya da duk abin da ke kansa. Mu kuma muna zaune tsakanin madatsu biyu, ta Rusairis da aka gama a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013, da ta Sinnar da ke nan tun 1925, ga kuma babbar madatsar Habasha da aka fara tara mata ruwa a 2020. Hawa da saukar ruwanmu yanzu ba na damina kaɗai ba ne, ya danganta da buɗe ƙofofi da rufe su. Ruwan da ya baro lakarsa a bayan madatsa kuma ya fi cin gaɓa, don yana zuwa ne da wurin ɗaukar wata.

Gangaren ma ya riga ya fara motsi. Akwai tsaga da ta bi tsawon gaɓar, kamar mita 14 daga baki, kuma ɓangaren da ke wajen kogi ya nutse ƙasa da ɗayan da kusan taƙi guda. Darewar rani ba ta yin haka, ita tsagewa take ta ko'ina ba tare da wani gefe ya sauka ba. Bishiyoyin bagaruwa da ke ƙasan tsagar duk sun karkata. Masu bulo kuma sun yi shekaru suna ɗibar laka daga gindin gangaren, ban ga laifinsu ba, abincinsu ne, amma sun rage masa abin dogara. Layin farko na filayen da aka zana, guda goma sha biyu, yana tsakanin wannan tsaga da bakin gaɓa.

Gida kuma ba nauyi kaɗai yake kawowa ba. Kowane gida zai haƙa masai ko rijiyar saifon, zai zubar da ruwan wanka da na wanki, ruwan indararo kuma zai taru wuri guda. Gidaje arba'in na nufin ana shayar da gangaren rani da damina.

Na ji ana cewa za a yi ginshiƙan siminti masu zurfi, ko a jera dutse a gaɓar. Ginshiƙi yana maganin kumburin laka, amma in ƙasar da yake tsaye a ciki ita ce ta tafi, tare za su tafi. Jeren dutse na aiki in muhandisi ya tsara shi aka kafa gindinsa ƙasa da inda ruwa ke ƙwaƙula, kuma kuɗin wannan ya fi kuɗin filayen nesa ba kusa ba. Buhunan yashi da muke jerawa kowace damina ambaliya suke tarewa, ba su hana zaftarewa. Kowa ya ji labarin zaftarewar ƙasa da aka yi a ƙauyen Tarsin na Jabal Marra ranar 31 ga Agusta, 2025, bayan kwanaki ana ruwa. Can dutse ne, nan gaɓar kogi, girman ma ba ɗaya ba ne, amma ruwan da ya cika cikin ƙasa shi ne sanadi a duka biyun.

Abin da nake roƙo shi ne majalisa ta janye rabon, ta hana kowane irin gini tsakanin bakin gaɓa da mita 100 daga gare ta, har sai muhandisan jiha sun haƙa ramukan gwaji an san zurfin yashin da matakin ruwan ƙasa. Mita ɗarin nan ba doka ba ce, hasashena ne na kariya, awo na iya ƙara shi ko rage shi. A roƙi masu bulo su matsa kudu da mashaya, a bar gangaren ga ciyawa da noman jurufi, wato noman bakin kogi bayan ruwa ya janye, da ba ya buƙatar kowa ya kwana a wurin. Masu jiran fili kuma kada a bar su haka: tudun da ke yamma da hanyar mota shi ma laka ne, amma shimfiɗaɗɗe, kuma da tushe mai kyau da magudana zai zaunu.

Na kafa turaku shida a gefe biyu na tsagar, na bar igiyar awo a hannun mai gadin makabarta don a riƙa duba tazararsu kowace Juma'a. In tazarar ta fara ƙaruwa, a hana yara da dabbobi bin ƙasan gaɓar nan take. In majalisa ta amince, zan zo zamanku na gaba, amma na fi so mu haɗu a bakin tsagar da safe, tare da umda da wakilan waɗanda za a ba filayen, kowa ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya tsare garinmu.

Wassalam.

Ɗanku,
Dakta Abubakar,
malamin ilimin ƙasa da duwatsu.