Wasiƙa zuwa ga Yaya Hakim kan sunan tawagarmu

Assalamu alaikum Yaya Hakim,

Ya gida, ya karatu? Ka gaishe min da Kawu da Inna. Na rubuto ne a tsanake saboda duk lokacin da na ɗauko maganar nan muna cikin wasa, sai ka ce in yi shiru kana jin takun abokan gaba.

Maganar suna ce. Wata 5 ke nan mu huɗu muna buga PUBG Mobile tare, amma wanda ya ga sunayenmu zai rantse haɗuwar hanya muka yi. Kai `DarkKiller007`, Mubarak `xXSniperXx` (mutumin da ko bindigar hari daga nesa bai iya riƙewa ba), Zainab `zee_2010`, ni kuma nawa ma kunyar rubuta shi nake ji. Ka tuna daren Asabar a Erangel, da wasu mutum huɗu suka rutsa mu a Pochinki? Duk sunayensu da haruffa iri ɗaya suka fara. Da na ga sunan yana fitowa a gefen allo sau biyu a jere, wallahi kafin su iso kaina gabana ya riga ya faɗi. Ƙila ma ba su fi mu iyawa ba, sunan ne ya nuna cewa sun san juna.

Shawarata ita ce kowa ya sa `RINA` a gaban sunansa, sai ƙaramin `x`, sai nasa sunan. Wato `RINAxHakim`, `RINAxSadiq`, `RINAxMubarak`, `RINAxZee`.

Na san za ka ce me ya sa ba zaki ba. Zaki ya yi yawa, Yaya, kowane yaro da ya sauke wasan jiya zaki ne. Kura kuwa ga tsoro ga ban tsoro, kuma bayan gudun da ka yi a Sanhok ka bar ni ina rarrafe ina roƙon a tashe ni, ba na so mutane su ce sunan ya dace. Rina fa? Ƙarama ce, ba wanda ke ganin girmanta, amma ka taɓa gidansu ka gani, gaba ɗaya suke fitowa. Haka muke wasa idan mun nutsu: ba mu da gwani ɗaya da zai ɗauke mu, sai mun taru a kan mutum muke cin nasara. Ga kuma ɗan daɗin da ke ciki, duk ranar da muka zo na ɗaya cikin mutum 100 sai mu ce dama an san za a rina.

Na yi lissafin haruffa ma. Wasan ba ya karɓar suna da ya wuce haruffa 14. `RINAx` ya ci 5, saura 9. Cikakken sunanka, Abdulhakim, 10 ne, ya yi yawa da harafi ɗaya tak, shi ya sa na bar maka Hakim. Da farko na so ƙudan zuma, amma ya yi tsawo, kuma wanda ba shi da ƙ mai lanƙwasa a wayarsa zai sha wahalar nemo mu. Rina ba lanƙwasa, kowa zai iya bugawa.

Matsala ɗaya na hango: waɗanda ba sa jin Hausa za su ɗauka sunan mace ne. Zainab ta ce hakan ma ya fi, su raina mu tukuna. Na yarda da ita.

Kada ka fahimce ni a baibai, suna kawai za mu haɗa. Kowa ya riƙe asusunsa da lambar sirrinsa, ko Mubarak ya roƙa kada ka ba shi. Canjin kuma sai da `Rename Card`, don haka ka duba cikin kayanka ko kana da ita. Ni ina da guda, Zainab ma haka. Idan wani ba shi da ita mu jira shi, don ba na so biyu su canza biyu su zauna da tsohon suna, sai abin ya fi na yanzu muni. Kuma ka duba rubutun da kyau kafin ka danna, kati ɗaya canji ɗaya ne.

Kai ne babba, kai ka haɗa mu, shi ya sa ban taɓa nawa ba sai na ji daga bakinka. Idan kana da sunan da ya fi wannan ka kawo, mu jefa ƙuri'a ranar Juma'a da daddare kafin mu shiga Livik. Amma in ka zo da `DarkKillers`, ni da Zainab mun riga mun gama magana.

Taubashinka,
Sadiq