Sanarwa: Rajistar Gidaje Domin Taron Unguwa

Assalamu alaikum. Da amincewar Mai Unguwa, kwamitin shirya taro na sanar da magidanta cewa za a yi zama ranar Asabar, 17 ga Janairu 2026, da ƙarfe 10 na safe, a harabar makarantar firamare. Batutuwa biyu ne: gyaran rijiyar burtsatse da ta tsaya, da yashe magudanar ruwa kafin damina. Tunda za a yanke kuɗin da kowane gida zai bayar, mutum ɗaya ne zai wakilci gida, kuma ƙuri'a ɗaya ce gare shi. Sai gidan da ya yi rajista ne zai samu katin shiga.

Za a buɗe littafi daga Litinin 5 zuwa Laraba 14 ga Janairu, a zauren Mai Unguwa, tsakanin La'asar da Magariba, ban da Juma'a. Rajista kyauta ce. Duk wanda ya nemi ko naira ɗaya, a kawo ƙararsa wurin kwamiti.

Inda aka fi samun gardama shi ne abin da za a ƙirga a matsayin gida, don haka muke roƙon a karanta wannan da kyau. Ba ƙofa muke ƙirgawa ba, tukunya muke ƙirgawa. Idan uba da 'ya'yansa masu aure suna gandu, cefane ɗaya, rumbu ɗaya, to gida ɗaya ne ko da sun kai mutum 30. Idan ɗa ya ware tukunyarsa, yana ciyar da iyalinsa daga aljihunsa, ya zama gida na daban ko da zaurensu ɗaya da mahaifinsa. Mai mata biyu ko fiye gida ɗaya ne, ko da kowace da sashenta, domin mai ciyarwar ɗaya ne. A gidan haya, kowane ɗan haya mai iyali zai yi rajistarsa. Mai gidan ba zai wakilce su ba, shi ma sai yana zaune a unguwar sannan ya samu kati. Samarin da ke kwana a shago ko ɗakin zaure suna ƙarƙashin gidan da suke cin tuwo. Matar da mijinta ya rasu ko bazawarar da ke riƙe da 'ya'yanta ita kaɗai, gida ce cikakkiya, a rubuta ta da sunanta. Ruwan nan ita ma tana sayensa, ba daidai ba ne a yanke mata kuɗi ba a ji ta bakinta ba.

Wanda ya zo rajista zai faɗi cikakken sunan mai gida da na mahaifinsa, da laƙabin da aka san shi da shi, da layin da yake da wata alama ta kusa, kamar masallaci ko injin niƙa. Kada a raina laƙabi: layi ɗaya na iya samun mutum uku masu suna iri ɗaya, idan babu laƙabi sai katin wani ya faɗa hannun wani. Sannan a faɗi yawan mutanen gida, manya daban yara daban, saboda da shi za a kimanta ruwan da ake buƙata. A ƙarshe a ba da sunan wakili da na mutum ɗaya da zai maye gurbinsa idan uzuri ya taso. Sakatare zai karanta abin da ya rubuta a gabanku, ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, a ba ku kati mai lamba da hatimi.

Wakili ya kasance ya kai shekara 18, kuma a gidan yake zaune, namiji ko mace. Gidan da maigida ya tafi ci-rani, uwargida ko babban ɗa na iya tsayawa. Mutum ɗaya ba zai riƙe kati biyu ba, ko da na ƙaninsa ne. Kada a aiko yara rajista, domin sukan ruɗa sunaye da lissafi. Masu takaba, matan kulle, tsofaffi da marasa lafiya su aiko da saƙo. Mata biyu daga kwamiti za su shiga gida su rubuta su.

Ranar Alhamis 15 ga wata za a liƙa jerin sunaye a ƙofar zauren. Wanda bai ga gidansa ba, ko ya ga an rubuta wani gida sau biyu, ya zo ranar Juma'a 16 bayan La'asar a gyara. Wanda katinsa ya ɓata ma ranar zai zo, a soke tsohuwar lambar a ba shi sabuwa. Ba za a yi rajista a bakin ƙofa ranar taro ba.

A zo da kati tun ƙarfe 9 da rabi domin tantancewa. An ware wa mata aji ɗaya mai lasifika, kuma da ɗaga kati za a kaɗa ƙuri'a a ɓangarorin biyu. Gidan da bai turo wakili ba, abin da taro ya yanke ya hau kansa.

Allah ya ba mu ikon halarta, amin.

Sakataren Kwamiti, a madadin Mai Unguwa